Rola ta bi ta sake bi, sakamako ya tsaya a 91: ina matsalar take?

Tambaya: Ranka ya daɗe Injiniya, ni sabo ne a aikin hanya. Muna cikon jar ƙasa, takardar ɗakin gwaji ta ce MDD 1.95, OMC 11, kwangila kuma tana son kashi 95 na MDD ɗin. Gwajin yashi yana ta ba mu 91 duk da mun ƙara wa rola zagaye. Amma a wani wuri mun sami 103. Rolar ce ba ta da nauyi, ko gwajin ne ba daidai ba?

Amsa:

Ƙanena, ka bar mai rola ya huta tukuna, ka duba takardar gwajin filin nan a layin danshi. Mafi yawan lokaci, idan jar ƙasa ta maƙale a 90 ko 91 ta ƙi motsi, ruwa ne bai ishe ta ba a lokacin da rola ke bi. Amma don ka iya tabbatar da haka da kanka, sai ka san yadda aka samo lambobin nan biyu da ke kan takardar ɗakin gwaji, wato MDD, densiti mafi girma da busasshiyar ƙasar ke kaiwa a gwajin daka, da OMC, danshin da ke ba da shi.

Gwajin ya samo asali ne daga wani injiniya mai suna Ralph Proctor, wanda ya wallafa shi a 1933 yana aikin madatsun ruwa na ƙasa a Los Angeles. Abin da ake yi ba shi da wahala. Ana zuba ƙasa a gwangwanin ƙarfe da aka san girmansa, a daka ta da taɓaryar ƙarfe mai ƙayyadadden nauyi da ke faɗowa daga ƙayyadadden tsayi, a auna, sannan a maimaita da ƙarin ruwa. A tsarin BS 1377 gwangwanin lita ɗaya ne. Ƙaramin daka ana yin sa da taɓarya mai kilo 2.5 da ke faɗowa daga milimita 300, shimfiɗa 3, bugu 27 a kowace shimfiɗa. Babban daka kuma kilo 4.5 ne daga milimita 450, shimfiɗa 5, bugu 27. A Najeriya akwai na tsakiya da ake rubutawa WAS, wato ma'aunin Afirka ta Yamma, wanda ke amfani da babbar taɓaryar da shimfiɗa 5 amma bugu 10 kacal. 'Yan'uwanmu na Nijar suna bin tsarin Faransa, shi ya sa a takardunsu za ka ga OPM, wanda yake nufin ƙololuwar babban daka.

Na jero waɗannan ne saboda ƙasa ɗaya ba ta da MDD ɗaya. Idan aka ƙara ƙarfin daka, MDD yana hawa, OMC kuma yana sauka. Don haka aikinka na farko gobe da safe shi ne ka ɗora takardar ɗakin gwaji kusa da takardar kwangila ka ga ko irin dakan da aka yi shi ne wanda aka nema wa wannan shimfiɗar. Idan kwangila ta ce ƙaramin daka ga ciko, ɗakin gwaji kuma ya yi babban daka, to kana bin lambar da ba a ɗora maka ba. Ina ci gaba da zaton cewa sun yi daidai.

Ga yadda lambobin gwaji irin naka suke fitowa. A ce an jiƙa kaso biyar na ƙasar da ruwa daban-daban, an daka kowanne a gwangwanin lita ɗaya, an share saman, an auna, sannan an busar da ɗan guntu a obin mai zafin digiri 105 zuwa 110 don gano danshinsa. Abin da muke nema shi ne densitin busasshiyar ƙasa, wato nauyin ƙwayoyin ƙasar kaɗai, ban da ruwa, a cikin kowace sentimita kubik. A nan ρd shi ne wannan densitin, ρ na jiƙaƙƙiyar ƙasa, w kuma danshi cikin ɗari:

```
ρd = ρ / (1 + w/100)

w (%)    ρ       ρd
7.0      1.969   1.84
9.1      2.084   1.91
11.2     2.168   1.95
13.0     2.158   1.91
15.1     2.106   1.83
```

Idan ka zana danshi a kwance, densiti a tsaye, za ka ga tudu: ya hau daga 1.84 zuwa 1.95, ya gangara zuwa 1.83. Ƙololuwar tudun ita ce MDD, danshin da ke daidai ƙarƙashinta kuma shi ne OMC. Ka lura cewa a layi na uku da na huɗu nauyin jiƙaƙƙiyar ƙasar kusan ɗaya ne, 2.168 da 2.158, amma busasshen ya faɗi daga 1.95 zuwa 1.91. Ruwa ne ya cike gurbin da ƙasa ta kamata ta zauna. Shi ya sa ba a yin hukunci da nauyin jiƙaƙƙiya.

Dalilin tudun nan shi ne zuciyar amsarka. Abin da daka yake yi shi ne fitar da iska daga tsakanin ƙwayoyin ƙasa, ba ya fitar da ruwa. Idan ƙasa ta bushe, ɗan yumɓun da ke cikinta yana ɗaure ƙwayoyin su zama ƙananan dunƙule masu tauri, kuma dunƙulen ba sa murƙushewa balle su shige cikin juna. Da an ƙara ruwa sai su yi laushi, su zame, su toshe ramukan da ke tsakaninsu. Duk wanda ya ga mata suna daɓen ɗaki ya san ba a daɓa busasshiyar ƙasa, ana yayyafa ruwa ana bugu, kuma idan ruwan ya yi yawa sai madaɓi ya riƙa nitsewa yana tura laka gefe. Bayan an wuce ƙololuwa, iskar da ta rage kaɗan ce kuma ruwa ya kewaye ta, ba ta da hanyar fita. Daga nan duk ruwan da aka ƙara yana ture ƙasa ne kawai.

Yanzu mu je fili mu bi ramin da ya ba da 91. Ana share wuri ya yi sumul, a kafa farantin ƙarfe mai huda a tsakiya, a haƙa rami mai faɗin kamar milimita 100 zuwa zurfin shimfiɗar, a tattara duk ƙasar da ta fito cikin leda a ɗaure bakinta nan take. Sai a ɗora silindar yashi a buɗe, yashi ya cika ramin da mazurarin da ke ƙasan silindar. A ce silinda da yashinta giram 7500 ne kafin a buɗe, bayan an rufe ta koma 5380. Yashin da ya fita giram 2120 ke nan. Mazurari yana cin 380, saura 1740 a cikin rami. Idan densitin yashin 1.45 ne, girman ramin sentimita kubik 1200 ne. Ƙasar da aka haƙo giram 2280, ka raba da 1200 ka sami 1.90. Danshinta kuma a ce kashi 6.8. Raba 1.90 da 1.068, ka sami 1.78. Raba wannan da 1.95, sai ga kashi 91.

Ka dubi 6.8 ɗin nan ka koma kan tudu. Ko a ɗakin gwaji, inda ƙasa take cikin gwangwanin ƙarfe ba ta da wurin gudu, danshin kashi 7 bai ba da fiye da 1.84 ba. Kai kuma kana buƙatar kashi 95 na 1.95, wato 1.85. Ma'ana, ƙasar tana wajen da ko taɓaryar ɗakin gwaji ba ta kai ta ga abin da ake nema ba. Rola kuwa zagayenta na farko-farko ne ke yin yawancin aiki. Bayan kamar shida zuwa takwas, abin da kowane zagaye ke ƙarawa ba ya taka kara ya karya. Idan aka nace a kan busasshiyar jar ƙasa, sai saman ya fara tsattsagewa ƙanana-ƙanana a gicciye, ko ya ɓanɓare kamar ɓawo, tsakuwar marmara ta murƙushe ta zama gari, ƙasan kuma yana nan yadda yake. An ƙona man dizal, an lalata saman shimfiɗa.

Maganin shi ne a farfasa shimfiɗar da haƙoran gireda, a ba ta ruwa, a cakuɗa, sannan a sake bi. Yawan ruwan kuma lissafi ne, ba a barin sa ga idon direban tanka. Ɗauki tsawon mita 100, faɗin mita 10, kaurin sentimita 15 bayan an danne. Wannan mita kubik 150 ne, kuma a densiti 1.85 ya kama tan 278 na busasshiyar ƙasa. Daga 6.8 zuwa 11 akwai giɓin kashi 4.2, wato kusan lita 11,700. Kowane kashi 1 na danshi a wannan yankin lita 2,800 ne. A lokacin hunturu ko tsakiyar bazara, iska da rana suna kwashe kashi 1 zuwa 2 tsakanin zuba ruwa da zuwan rola, don haka ka nufi wajen lita 15,000, tanka ɗaya da rabi idan tankarku mai lita 10,000 ce. Da yawa daga masu aiki suna mamaki idan suka ga wannan lissafin, domin sun saba tanka ɗaya ta wuce mita 300 tana fesawa, saman ya yi duhu, a ce an ba da ruwa.

Wucewar tanka a kan shimfiɗar da aka riga aka danne ba ta jiƙa komai sai sentimita biyu ko uku na sama. Ruwan dole ya shiga lokacin da ƙasar take a sake, a zuba shi kashi-kashi, gireda tana juyawa tsakanin kowace zubawa har launin ya zama ɗaya daga sama zuwa ƙasa. Jar ƙasa mai yumɓu tana son lokaci kafin ruwa ya ratsa dunƙulenta, shi ya sa ni na fi son a jiƙa da yamma a bar ta ta kwana, a yi 'yar ƙarin fesa da sassafe a danne kafin rana ta ɗaga. Idan ramin ɗibar ƙasa yana kusa da ruwa, jiƙa ta tun can ya fi sauƙi. Kafin rola ta hau, ka damƙi ƙasar a hannu. Idan ta dunƙule, ba ta ɓata maka tafi da laka ba, kuma ta rabe gida biyu ko uku da ka karya ta, tana kusa da inda ake so. Idan ta warwatse da ka buɗe hannu, ba ta sha ba. Wannan na fomanka ne. Kai ka tabbatar da na'urar Speedy, mai amfani da garin kabaid, amma ka tuna yawancinsu suna nuna danshi ne a kan nauyin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Idan agogon ya nuna 10, danshin da za ka kwatanta da OMC shi ne 10 a raba da 90, wato 11.1. Kuma ka gwada ta da obin a kan irin ƙasarku kafin ka yarda da ita.

Da damina matsalar tana juyawa. Ƙasar da ta wuce OMC da kashi uku ko huɗu takan yi motsi a ƙarƙashin rola, ta lotsa a gaba ta kumburo a baya, tayar tifa ta bar zurfin sawu. Nan ma ƙarin zagaye ɓarna ne. Sai a buɗe ta da gireda a bar wa rana, ko a gauraya da busasshiya.

Sai batun 103, wanda ya fi damuna fiye da 91. Sakamako sama da 100 ba abin da ba ya yiwuwa ba ne, domin MDD ƙololuwa ce ta wani ƙayyadadden daka kawai, kuma babbar rola mai girgiza tana iya wuce ƙaramin daka cikin sauƙi. Amma idan shimfiɗa ɗaya, rola ɗaya, rana ɗaya ta ba da 91 a nan da 103 a can, to akwai abin bincike. Akwai gwaji na lissafi da ba ya cin minti biyu. Ga kowane danshi akwai densitin da ƙasa ba za ta taɓa wucewa ba, wato inda iska ta ƙare ƙaf, ruwa da ƙwayoyi kaɗai suka rage:

```
ρd(max) = Gs / (1 + w × Gs / 100)
```

Gs shi ne nauyin ƙwayar ƙasar idan aka kwatanta da ruwa. A ce 2.70 ne, ko da yake jar ƙasa mai yawan ƙarfe takan haura haka, don haka ka nemi ɗakin gwaji su auna taku. Kashi 103 na 1.95 shi ne 2.01. Idan danshin wannan ramin kashi 9 ne, iyakar ita ce 2.17, sakamakon yana iya zama gaskiya. Idan kuwa kashi 13 ne, iyakar 2.00 ce, kuma 2.01 ta tsallake ta. Wannan ba ƙasa ce mai kyau ba, kuskure ne a awo, kuma duk injiniyan sa ido da ya san aikinsa zai mayar maka da takardar.

Kuskuren yakan fito daga yashi. Yashin gwaji dole ya zama busasshe, tsaftatacce, mai zuba kamar sukari, wanda aka tankaɗe tsakanin rariya biyu, kuma a auna densitinsa a kai a kai. A fili ana kwashe shi daga rami a sake amfani da shi, ya gauraya da ƙura, ya sha raɓa a bayan mota. Yashi mai ɗan danshi yana kumbura, kaɗan ne daga nauyinsa ke cika rami, sai lissafi ya ɗauka ramin ƙarami ne, densiti ya fito sama da gaskiya. Koma kan misalinmu: idan ainihin densitin yashin ya sauka zuwa 1.40 amma ana ta lissafi da 1.45, ramin da aka ce 1200 ne a gaskiya 1243 ne, kuma 91 ɗin nan 88 ne. Bambancin 0.05 kawai ya ci kashi uku. Akasin haka, idan rola tana girgiza kusa lokacin da yashi ke zuba, yashin yana cushewa fiye da ƙima, ramin ya yi kamar ya fi girmansa, shimfiɗa mai kyau ta faɗi. A tsayar da injina na kusa har a rufe silinda. Haka nan giram 50 na ƙasa da ta zube gefen faranti ba a tattara ba tana rage sakamako da kashi biyu. A jiƙaƙƙiyar ƙasa kuma, idan mai haƙa ya durƙusa dab da bakin rami, bangon yana matsowa ciki, ramin ya tsuke, sakamako ya hau.

Idan awon ya tsira daga duk wannan, to mai yiwuwa ƙasar ce ta canza. Ramin ɗibar jar ƙasa ba iri ɗaya ba ne daga sama zuwa ƙasa. Sau da yawa tsakuwar marmara tana sama-sama, idan katafila ta nitsa sai yumɓu ya ƙaru. Tifar da ta ɗauko mai tsakuwa tana iya kawo ƙasar da MDD ɗinta ya kai 2.05 ko fiye, wadda ta ɗauko daga ƙasan rami kuma 1.85. Idan ka raba duka biyun da 1.95, ta farko za ta ci jarrabawa ko ba a danne ta sosai ba: 2.01 a kan 2.05 kashi 98 ne, a kan 2.15 kuma 93, wato a gaskiya ta faɗi. Ta biyun kuma da wuya ta ci ko an kwana ana bi, alhali 1.78 a kan 1.85 kashi 96 ne, aikin ya riga ya yi ana ta wahalar da shi. Don haka ka tambayi ranar da aka ɗebi samfurin da ya ba da 1.95, da kuma daga wane ɓangaren rami. Idan wata biyu ke nan kuma katafila ta matsa gaba, lambar ta tsufa.

Hanyar kama wannan ba tare da jiran cikakken gwaji ba ita ce daka guda ɗaya. Ka ɗebi ƙasa daga gefen ramin da aka gwada, ka kai ta danshin da ke ɗan ƙasa da OMC, ka daka gwangwani ɗaya da irin dakan ɗakin gwaji, ka sa ɗigon a kan zanen. Idan ya faɗa kan tudun ko dab da shi, ƙasar ɗaya ce. Idan ya yi sama ko ƙasa da nisa, a yi sabon tudu wa wannan ƙasar. Ka kuma zuba abin da aka haƙo daga ramin 103 a kan rariyar milimita 20. Gwangwanin lita ɗaya ana cire masa duwatsun da suka fi wannan girma, alhali a fili suna nan cikin shimfiɗa, kuma dutse biyu ko uku a ƙaramin rami sun isa su ɗaga sakamako. Idan tsakuwa ta yi yawa, a yi daka a babban gwangwanin CBR, a fili kuma a koma babbar silinda mai ramin milimita 200.

Akwai abu biyu da jar ƙasa ta keɓanta da su a ɗakin gwaji, kuma ya kamata ka tambaya. Na ɗaya, tsakuwarta tana farfashewa a ƙarƙashin taɓarya, don haka idan aka yi amfani da samfuri ɗaya ana ƙara masa ruwa ana sake dakawa har sau biyar, ɗigon ƙarshe ba na ƙasar da aka fara da ita ba ne, kuma MDD yakan fito sama da na gaskiya. Kowane ɗigo yana son sabon kaso. Na biyu, busar da samfurin a obin kafin daka yana canza halin yumɓun wasu jajayen ƙasashe, yawanci ya saukar da OMC. A shanya shi a inuwa ya sha iska ya wadatar.

Abu na ƙarshe da za ka auna shi ne kaurin shimfiɗa, domin shi kaɗai yana iya haifar da duka lambobin biyu. Ƙarfin rola yana raguwa da zurfi. Idan aka baza sentimita 35 ko 40 a tashi ɗaya don a yi sauri, saman yana dannuwa, ƙasan yana zama sako-sako. Mai gwajin da ya haƙa sentimita 10 ya tsaya zai kawo maka lamba mai daɗi, wanda ya ratsa har ƙasa zai kawo mai ɗaci, kuma na biyun ne ya faɗi gaskiya. Ka sa a haƙa maka rami a gefen shimfiɗar ka sa tef. Idan kwangilarku ta ce sentimita 15 bayan danni, to a baza wajen 20, a kafa turaku masu alama don mai gireda ya gani. Sannan ka ware mita 50 zuwa 100, ka kai danshi 11 zuwa 12, ka gwada bayan zagaye huɗu, da shida, da takwas, rami uku kowane karo. Inda lambar ta daina hawa, nan ne adadin zagayen wannan rolar a kan wannan ƙasar. Idan ta daina hawa ƙasa da 1.85 alhali danshi daidai ne, kauri daidai ne, yashi an auna shi, daka guda kuma ya faɗa kan tudu, a lokacin ne za ka je wa manajan aiki da maganar rola mai nauyi, ko a rage kaurin shimfiɗa zuwa abin da wadda kuke da ita za ta iya.